Yadda ake mai da lambobin Math.random() su ɗauki siffar ƙararrawa

*Malam, barka da aiki. Ina rubuta kwaikwayon injin da ke cika buhunan shinkafa masu kilo 50 da JavaScript, don in ga buhu nawa za su gaza kilo 49. Masu injin sun ce sigmarsa kilo 0.4 ne. Amma `Math.random()` lambobi tsakanin 0 da 1 kawai yake ba ni, kowace da rabo daidai da 'yar'uwarta. Wani abokina ya ce in tara guda 12 in cire 6. Hakan ya isa, ko akwai hanyar da ta fi?*

Barka kadai, ɗan'uwa. Dabarar abokinka tsohuwa ce, kuma tana da dalili, sai dai a aikinka ba za ta yi ba. Ka yi amfani da hanyar Box da Muller, wadda George Box da Mervin Muller suka wallafa a 1958. Layi huɗu ce kacal, kuma abin da take bayarwa rabon ƙararrawa ne na ainihi, ba kusa da shi ba, wato rabon da lambobi ke cunkushewa a kusa da matsakaici suna raguwa zuwa gefe biyu, sigma kuma ita ce ma'aunin faɗin bazuwarsu.

Bari mu fara da goma sha biyun nan, don a nan ne za ka ga abin da tambayarka take buƙata. Kowace lamba daga `Math.random()` matsakaicinta rabi ne, murabba'in sigmarta kuma 1/12. Idan ka tara goma sha biyu, matsakaici ya zama 6, murabba'in sigma ya zama 1 cif. Ka cire 6, sai ka sami lamba mai matsakaici 0 da sigma 1. Daga nan 12 ɗin ta samo asali, ba wani sirri ba ne. In ka zana sakamakon, idonka ba zai bambance shi da ƙararrawa ta gaskiya ba, domin a tsakiya sun yi kama ƙwarai.

To amma kai ba tsakiya kake tambaya ba. Buhun da ya gaza kilo 49 ya yi ƙasa da matsakaici da kilo ɗaya, kilo ɗaya kuwa sigma biyu da rabi ne a injinka. Can wajen wutsiya kake aiki, kuma a wutsiya ne dabarar tarawa take rowa. A ƙararrawa ta gaskiya, cikin buhu miliyan ɗaya kimanin 6210 ne za su gaza kilo 49. Tarawar goma sha biyu za ta ba ka kimanin 5580. Ka ga ta ɓoye maka kashi ɗaya cikin goma na buhunan da kake nema. Idan ka ƙara nisa abin sai ya ƙara lalacewa: a kilo 48.8, wato sigma uku, gaskiyar 1350 ce, tarawa ta ce kusan 1007. A kilo 48.4, sigma huɗu, gaskiyar kusan 32 ce, tarawa ba ta kai 9 ba. Bayan sigma shida kuwa ba za ta taɓa ba ka komai ba, tun da jimlar ba ta iya wuce 12 ko gaza 0. Abin da ya fi damuna shi ne kuskuren gefe ɗaya yake karkata, kullum yana nuna injin ya fi yadda yake kyau. Mai kamfanin da ya dogara da lissafinka zai zaci ƙorafin 'yan kasuwa zai yi kaɗan, alhali ba haka ba ne. Ga kuma ɓarna: lambobi goma sha biyu kake kashewa don ka sami ɗaya.

Hanyar Box da Muller tana karɓar lambobi biyu ta mayar maka da biyu. Ina so ka fahimci dalilinta kafin ka kwafi lambar aikin, saboda wanda ya san dalilin shi ne yake gane inda ya yi kuskure.

Ka ɗauka maharbi yana harbin alama a jikin bango. Kowace kibiya tana kaucewa kaɗan zuwa dama ko hagu, tana kuma kaucewa sama ko ƙasa. A ce kowace kauciya tana bin ƙararrawa mai sigma 1, kuma ɗaya ba ta shafi ɗaya ba. Idan ya harba dubbai, za ka ga tabon kibau ya yi cunkoso a tsakiya yana raguwa zuwa waje, kuma zagayayye ne, babu ɓangaren da ya fi wani. Wannan zagayewar ba sa'a ba ce. Yiwuwar sauka a `x` tana tafiya da `exp(-x²/2)`, ta `y` da `exp(-y²/2)`, idan aka ninka su sai a sami `exp(-(x²+y²)/2)`. Shi kuwa `x²+y²` murabba'in nisan kibiya ne daga alama. Ashe nisa kaɗai ke da tasiri, alkibla ba ruwanta.

Saboda haka ana iya bayyana kowace kibiya ta hanya biyu. Ko ka faɗi `x` da `y`, ko ka faɗi kusurwa da nisa. `x` da `y` su ne muke nema, su ne kuma masu wuyar ƙirƙira kai tsaye. Kusurwa da nisa kuwa dukkansu masu sauƙi ne. Kusurwar kowace alkibla rabonta ɗaya, don haka lamba guda daga `Math.random()` da aka ninka da `2π` ta wadatar. Nisan ma yana da doka mai kyau: yiwuwar kibiya ta wuce nisan `r` daidai take da `exp(-r²/2)`. Wannan yiwuwar lamba ce tsakanin 0 da 1. Sai mu juya maganar: mu ɗauki lambarmu `u1` mu ce ita ce yiwuwar, mu tambayi wane nisa ne ya dace da ita. Warware `u1 = exp(-r²/2)` yana ba da `r = sqrt(-2 ln u1)`. Shi ke nan dabarar gaba ɗaya:

```
r  = sqrt(-2 * ln(u1))
θ  = 2π * u2
z1 = r * cos(θ)
z2 = r * sin(θ)
```

`z1` da `z2` kowacensu ƙararrawa ce mai matsakaici 0 da sigma 1, kuma ba su dogara da juna ba, ko da yake daga `r` ɗaya da kusurwa ɗaya suka fito. Mutane da yawa suna shakkar wannan sai su jefar da ta biyun. Babu buƙata. Daga kauciya biyu masu zaman kansu muka faro, kuma gare su muka koma.

Mu yi guda biyu da hannu, don gani ya kori ji. A ce `u1` ta fito 0.30, `u2` ta fito 0.15. Logaridim na 0.30 shi ne −1.2040. Ninka da −2, ka sami 2.4079, tushen murabba'insa 1.5518. Wannan shi ne nisa. Kusurwa kuma 0.15 na zagaye ce, wato digiri 54, ko radiyan 0.9425. `cos` ɗinta 0.5878, `sin` ɗinta 0.8090. Don haka `z1` ta zama 0.912, `z2` ta zama 1.255. Mayar da su nauyin buhu abu ne mai sauƙi, ka ninka da sigma ka ƙara matsakaici: 50 + 0.4 × 0.912 ya ba da kilo 50.36, ɗayan kuma kilo 50.50. Buhu biyu, dukansu sun cika har da ɗan ƙari.

Yanzu a ce `u1` ta fito ƙarama, 0.02, `u2` kuma 0.55. Logaridim −3.9120, ninki −2 ya ba da 7.8240, tushensa 2.7971. Kusurwa digiri 198, ta ɗan wuce rabin zagaye, `cos` −0.9511, `sin` −0.3090. Sai `z1` ta zama −2.660, `z2` −0.864. Nauyi: kilo 48.94 da kilo 49.65. Ga buhunka na farko da ya gaza.

Ka lura da abin da ya haife shi. Sai da abu biyu suka haɗu: `u1` ta yi ƙanƙanta har nisa ya wuce 2.5, kusurwa kuma ta fuskanci hagu kusan kai tsaye. Ƙananan `u1` su ne ke samar da wutsiya baki ɗaya. Idan `u1` rabi ce, nisa 1.177 ne kawai. Idan ta kusanci 1, nisa ya kusanci sifili. Ka riƙe wannan, don kusan duk matsalolin hanyar a wajen ƙananan `u1` suke.

Ga yadda zan rubuta ta:

```js
function biyu() {
  const u1 = 1 - Math.random();
  const u2 = Math.random();
  const r = Math.sqrt(-2 * Math.log(u1));
  const t = 2 * Math.PI * u2;
  return [r * Math.cos(t), r * Math.sin(t)];
}
```

Wannan `1 -` da ke layin farko da gangan na sa shi. `Math.random()` yana iya ba da sifili, amma ba ya ba da 1. Logaridim na sifili kuwa babu shi, kuma JavaScript ba zai tsaya ya yi maka gargaɗi ba, zai mayar da `-Infinity` ya ci gaba da aikinsa. Buhu ɗaya mai nauyin `Infinity` ya isa ya lalata matsakaicin buhu miliyan, ka ga `Infinity` ko `NaN` a ƙarshe ka rasa daga ina ya shigo, domin in ka sake gudanarwa ba zai maimaitu ba. Da `1 - Math.random()` tazarar ta koma sama da sifili har zuwa 1, logaridim na 1 kuma sifili ne lafiya lau. Wasu suna ƙara wata 'yar ƙaramar lamba kamar 0.0001 a kan `u1` don guje wa sifili. Kada ka yi haka. Da 0.0001 ka yanke wutsiya a nisan 4.29, ka kuma ba `u1` damar wuce 1, inda abin da ke cikin `sqrt` zai zama ƙasa da sifili ya ba ka `NaN`.

Wannan ya kawo mu ga iyakar hanyar. A takarda ba ta da iyaka, amma a kwamfuta `u1` tana da mafi ƙanƙantar ƙimar da za ta iya ɗauka, kuma ita ce ke yanke mafi nisan da za ka samu. Idan majanyin lambobinka, wato abin da ke samar maka da lambobin, bit 53 yake bayarwa, iyakar sigma 8.57 ce. Idan bit 32 ne, 6.66. Dukansu sun fi ƙarfin buƙatarka nesa. Inda ake shiga uku shi ne `rand()` na harshen C, wanda ƙa'idar harshen ta yarda `RAND_MAX` ɗinsa ya tsaya a 32767, wato bit 15. A nan iyakar 4.56 ce, nisan da ke kusa da iyakar ma 'yan ƙimomi ƙalilan ne suke ta maimaituwa, sifili kuma yana fitowa kusan sau ɗaya cikin kowane kira 32768. Akwai kuma tsohuwar matsala da wani mai bincike mai suna Neave ya nuna a 1973, cewa idan aka ciyar da wannan hanya da lambobi biyu a jere daga raunanan majanya na da, wutsiyar tana fitowa a gurguje, domin `u2` tana bin `u1` a ɓoye. Idan wata rana ka mayar da aikin zuwa C, ka nemi majanyi mai kyau tukuna.

Sauran kurakuran na hannu ne, kuma kowanne yana da alamarsa, abin da ya sa nake son koyar da wannan hanya. Idan ka gwada a Excel ka rubuta `LOG` maimakon `LN`, ka ɗauki logaridim mai tushe 10. Siffar za ta fito ƙararrawa kyakkyawa, matsakaici sifili, amma sigma za ta zama kusan 0.66 maimakon 1. Wannan shi ne mafi haɗari, don ido ba ya kama shi, kuma buhunan da suka gaza kilo 49 za su faɗo daga dubu shida da wani abu zuwa ƙasa da ɗari. A JavaScript `Math.log` shi ne daidai, `Math.log10` ne ba a so. Idan kana lissafi da kalkuleta tana kan digiri kai kuma ka ba ta `2π × u2`, kusurwarka ba za ta wuce digiri shida da ɗan abu ba, `cos` zai tsaya kusa da 1, `z1` ba za ta taɓa yin ƙasa da sifili ba, matsakaicinta kuma ya zauna wajen 1.25. Idan ka yi amfani da lamba ɗaya a matsayin `u1` da `u2`, ka ɗaure nisa da kusurwa, siffar za ta fito a karkace. Na ƙarshe shi ne ninkawa da murabba'in sigma, 0.16, maimakon 0.4. Wannan ya cancanci ka koma wurin masu injin ka tabbatar abin da suka ba ka, domin wani lokaci abin da ke rubuce a takardar inji tazarar yarda ce, irin "ƙari ko ragin kilo kaza", ba sigma ba, kuma su biyun ba ɗaya ba ne.

Kafin ka yarda da kowane sakamako, ka gwada majanyin shi kaɗai, ba tare da buhu ba. Samar da `z` miliyan ɗaya ka duba abu kaɗan. Matsakaici ya kamata ya zauna tsakanin −0.002 da 0.002 a mafi yawan gwaji, saboda kuskurensa na al'ada ɗaya bisa tushen murabba'in miliyan ne, wato 0.001. Sigma ta kusanci 1 har wuri biyu bayan ɗigo. Kimanin kashi 68.3 cikin ɗari su faɗa tsakanin −1 da 1, kashi 95.4 tsakanin −2 da 2, kashi 99.7 tsakanin −3 da 3. Amma ka lura, dabarar goma sha biyu za ta ci gwajin matsakaici da na sigma ba tare da wahala ba, a sauran ma bambancinta ƙanƙani ne. Gwajin da ke tona ta shi ne wanda ya yi daidai da tambayarka:

```js
let gaza = 0;
for (let i = 0; i < 500000; i++)
  for (const z of biyu())
    if (50 + 0.4 * z < 49) gaza++;
console.log(gaza);
```

Amsar da ake sa rai 6210 ce, amma ba za ka same ta cif ba. Ƙidaya irin wannan tana yawo da kimanin tushen murabba'in kanta, tushen 6210 kuwa kusan 79 ne. Don haka duk abin da ya faɗa tsakanin 6050 da 6370 lafiya ne. Idan ka ga 5580, ka san ba sa'a ba ce, kusan ninki takwas na wannan yawon ya kauce. Wannan lissafin kuma shi ke gaya maka yawan buhunan da za ka kwaikwaya. Da buhu dubu goma kana sa ran 62, da yawo na kusan 8, don haka 56 da 62 ba za su bambantu ba, sai ka ɗauka hanyoyin biyu ɗaya ne. Ɗalibai da yawa a nan suke yanke hukuncin cewa tarawa ta isa. Samfurinsu ne ya yi kaɗan.

Wataƙila ka lura cewa amsar 6210 ana iya karanto ta daga teburin ƙararrawa ba tare da kwaikwayo ba. Haka ne, kuma alheri ne a gare ka, don ka sami ma'aunin da za ka gwada aikinka da shi tun kafin ya yi sarƙaƙiya. Kwaikwayon zai fara biyan wahalarsa ne ranar da ka ƙara abin da tebur ba ya iyawa, misali sikelin da ke zamewa a hankali cikin yini, ko ma'aikacin da ke cire buhun da ya gaza ya ƙara masa.

Akwai wasu hanyoyin, kuma ya kamata ka san sunayensu. Marsaglia da Bray sun fito da wani salo a 1964 da ke guje wa `cos` da `sin`: ana zaɓar ɗigo a cikin murabba'i daga −1 zuwa 1, a jefar da shi in ya faɗa wajen da'ira, abin da ke faruwa kusan sau 21 cikin ɗari, sannan a ciro kusurwa da nisa daga ɗigon kansa. An ƙirƙire shi lokacin da lissafin `cos` yake da tsada. Hanyar Ziggurat ta Marsaglia da Tsang ta fi su sauri, ita ce NumPy ke amfani da ita a `default_rng().normal`, amma tana buƙatar tebura, ba abin da zan ce ka rubuta da kanka ba ne. A Python `random.gauss(50, 0.4)` ya gama maka aikin, a Excel kuma `NORM.INV(RAND(),50,0.4)`, wanda ke bin wata hanya dabam, ta juya tarin yiwuwa kai tsaye. A wurin da akwai irin waɗannan, ka yi amfani da su. JavaScript ne bai zo da nasa ba, kuma buhu miliyan ba yawan da saurin hanya zai dame ka ba ne.

Abu ɗaya game da `Math.random()` zai ba ka haushi nan gaba: ba a iya ba shi iri, wato lambar farawa da za ta sa ya maimaita jerin da ya bayar. Ranar da ka ga wani baƙon sakamako kana son komawa ka bincika, ba za ka iya ba. Haka kuma in kana kwatanta saitin inji biyu, a ce matsakaici 50 da 50.2, ya fi kyau dukansu su ci jerin `z` iri ɗaya, don bambancin da ka gani ya zama na saitin ne. Mafita mai sauƙi ita ce ka samar da `z` ɗinka sau ɗaya ka adana su a `Float64Array`, ka riƙa amfani da su a kowane gwaji. Miliyan ɗaya megabait takwas kawai za su ci. Kuma in ka gwada 50.2 ɗin, iyakar kilo 49 ta koma sigma uku, ya kamata ka ga ƙidayar ta sauka daga wajen 6210 zuwa wajen 1350, a kan kuɗin ƙarin giram 200 na shinkafa a kowane buhu.

Duk wannan ya rataya ne a kan cewa nauyin buhunan da gaske ƙararrawa yake bi, har can wutsiya. Box da Muller za su ba ka ƙararrawa mai tsabta, amma ba su san injinka ba. Injin da bakinsa ke toshewa lokaci-lokaci yana fitar da buhun da ya gaza da kilo biyu ko uku, sau da yawa fiye da yadda ƙararrawa za ta yarda, tun da a ƙararrawa gaza kilo 48 sigma biyar ne, abin da bai kai ɗaya cikin miliyan uku ba. Idan za su bari, ka nemi awon buhu ɗari biyu ko uku na gaske, ka lissafa sigma da kanka, ka duba mafi ƙanƙanta a cikinsu. In ka tarar da ko guda ɗaya ƙasa da kilo 48.4 a cikin ɗari uku, to ƙararrawa ɗaya ba ta isa ta bayyana injin ba. Sai ka raba kwaikwayon gida biyu: ka jawo wata lamba ta uku daga `Math.random()` ta yanke ko wannan buhun na cikawar yau da kullum ne ko na toshewa, kowanne da nasa matsakaici da sigma, sannan ka ninka `z` ɗinka da wanda ya dace.